Babi na Huɗu: Ina Gajiya? Ba Gajiya

Kwanansa uku da sauka a Kano na kai wani ɗalibina ya gaida dattijon da ya ba shi hayar ɗaki. Ɗan ƙasar Jamus ne, ya yi shekara biyu yana karatun Hausa a jami'ar ƙasarsu, kuma in ana maganar nahawu sai dai a sara masa. Ya san jam'in kalmomin da ni kaina sai na tsaya na yi tunani. Muka tarar da tsohon a zaure bisa buzu, carbi a hannu. Baƙona ya yi sallama daidai, ya rusuna, ya ce ina kwana. Tsoho ya ji daɗi, ya amsa, sannan ya jefo masa tasa.

"Ina gajiya?"

"Na gaji ƙwarai, Baba. Jirginmu ya makara, kuma jiya ban yi barci ba saboda sauro."

Zauren ya yi tsit. Tsohon ya riga ya buɗe baki zai ce yaya mutanen gida, sai maganar ta maƙale masa. Ya dube ni, ya dubi baƙon, ya ce, "Ayya. To, sannu." Gaisuwa ta mutu a nan. Da yamma ya aiko jikansa ya kira ni, ya tambaye ni a hankali, "Malam, baƙon nan naka, ko ɗakin ne bai yi masa ba?"

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a amsar da ɗalibina ya bayar. Abin da ya faru shi ne an miƙo masa gaisuwa, shi kuma ya karɓe ta a matsayin tambaya. Tun daga ranar na sake yadda nake koyar da wannan darasi, kuma abin da na koya shi zan shimfiɗa a wannan babi.

Lugude

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu, turmi ɗaya, taɓarya biyu. Wannan na ɗagawa waccan na sauka. Ba wadda ke tsayawa ta yi tunanin yaushe za ta sauke tata, domin hannu ya riga ya san lokacinsa. In ɗaya ta yi jinkiri ko da na ƙiftawar ido ne, taɓare su haɗu, dakan ya tsaya.

Haka gaisuwarmu take. Saurari maza biyu da suka haɗu a bakin masallaci bayan sallar asuba. Kafin wannan ya rufe baki daga "ina kwana", wancan ya riga ya kai tsakiyar "lafiya lau". Sau da yawa ma muryoyin hawa juna suke yi, kowa na tambaya kowa na amsawa, ba wanda ya ji an katse shi. A cikin abin da bai kai rabin minti ba sun taɓo kwana, gajiya, gida, yara da sanyi, sun rufe da madalla.

Baƙo yana zuwa da wata al'ada daban. An koya masa a aji cewa in an yi maka magana ka saurara har a gama, ka fassara a zuciyarka, ka shirya amsa, sannan ka furta. Wannan hanya tana aiki in ana ciniki ko ana tambayar hanya. A gaisuwa kuwa, wannan ɗan shirun da yake yi yana fassara shi ne haɗuwar taɓare. Bahaushe bai saba jin rami a wurin ba, don haka sai ya ɗauka ko dai ba a ji shi ba, ko kuma akwai wata damuwa. Saboda haka aikin malami na farko shi ne ya ɗauke gaisuwa daga kan ɗalibi ya mayar da ita bakinsa, yadda amsa za ta riƙa fita kafin tunani ya iso.

A fara da amsa

Littattafan koyon Hausa, irin wanda Kraft da Kirk-Greene suka fitar a 1973, suna jera gaisuwa layi biyu, tambaya a hagu, amsa a dama. Jerin daidai ne, amma ɗalibi yakan haddace na hagu ya fi ƙarfi a nan, alhali a mako na farko ba shi ne zai riƙa tambaya ba. Shi baƙo ne, kowa so yake ya gwada shi. Mai shayi, mai gadi, yaran unguwa, duk jefo masa za su yi. Abin da yake bukata da gaggawa shi ne abin karɓa.

Don haka a ranar farko amsa ɗaya tak nake ba shi: lafiya lau. Sai in yi ta jefa masa tambayoyin da wannan amsa ke ɗauka, ba tare da na fassara masa ko ɗaya ba. Ina kwana? Ina wuni? Yaya gida? Yaya iyali? Yaya yara? An tashi lafiya? Ina tafa hannu a hankali, tambaya a tafi ɗaya, amsa a na biyu. In ya bari tafi na biyu ya wuce bai amsa ba, mu koma farko. Minti goma ya isa. Ɗalibai masu ilimi sun fi shan wuya a nan, domin suna so su san ma'anar kowace kalma kafin su buɗe baki. Nakan ce musu ma'ana tana nan tafe, yau dai kunne da harshe muke horarwa.

Daga rana ta biyu nake shigo da waɗanda ba sa karɓar lafiya lau, ɗaya kowace rana, ina cusa ta a tsakiyar waɗanda ya riga ya saba da su. Guda huɗu ne na farko:

Ina gajiya? Ba gajiya.
Ina aiki? Da godiya.
Ina labari? Sai alheri.
Yaya sanyi? Lokacinsa ne.

Ta ƙarshen tana canza riga da yanayi. A watan Disamba da Janairu sanyi ake tambaya, a Afrilu zafi, amsar dai ɗaya ce. Da damina kuma sai a ce ina ruwa, a amsa ruwa ya yi gyara, ko da kuwa daren jiya ya kayar wa mutum da katanga.

Dalilin da ya sa nake cusa su a tsakiya shi ne ɗalibi yakan haddace jeri maimakon ya saurara. In kullum gajiya ce ke bin kwana, zai riƙa cewa ba gajiya a gurbi na biyu ko me aka tambaye shi. Na taɓa jin wata ɗaliba an ce mata yaya yara ta ce ba gajiya, matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Maganin wannan shi ne a riƙa birkita jerin kullum, har kunnensa ya koyi kama kalma ɗaya mai nauyi a cikin kowace tambaya: gajiya, aiki, labari, sanyi. Duk abin da bai ji ɗaya daga cikin waɗannan ba, lafiya lau ta wadatar. In kuma ya rikice gaba ɗaya, akwai mafaka da ba ta taɓa ba mutum kunya: alhamdu lillahi, ko mun gode Allah.

Sai kuma a shirya shi don abin da zai ji a titi, wanda ya bambanta da na takarda. Littafi ya rubuta "yaya gida", mutanen Kano kuwa "ya gida, ya aiki" suke cewa, a guntule. Wani zai ce lafiya ƙalau, wani ya ce lafiya kawai. In ya nufi Sakkwato ko ya tsallaka Maraɗi zai ji lahiya lau. A mako na biyu da gangan nake haɗiye rabin kalmomina, ina magana ina kallon wani wuri, rediyo na kunne, domin haka zai same ta a Kasuwar Kurmi.

Ina da ina

Ranar da ɗalibi ya fara tambaya da kansa, wata matsala ke jiransa wadda rubutunmu na boko ya ɓoye masa. Kalmomi biyu muke rubutawa iri ɗaya. Akwai "ina" ta tambaya, wadda ke cikin "ina Audu?", murya tana farawa daga ƙasa ta hau. Akwai kuma "ina" ta mai magana, wadda ke cikin "ina zuwa", murya tana farawa daga sama ta sauko. Ta gaisuwa ita ce ta farko. Mu da muka sha harshen a nono ba mu taɓa lura ba, amma ga wanda harshensa ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti, su biyun abu ɗaya ne.

Bajamushen nan nawa ya tsaya a shagon wani tela a unguwarmu, yana so ya gwada abin da ya koya. Ya ɗaga murya a gaɓar farko ya sauke a ta biyu, ya ce, "Ina aiki." Tela ya ɗago kai daga keke, ya dube shi tsaye hannu a aljihu, ya ce, "To, Allah ya taimaka." Shi a nufinsa ya tambayi tela yaya aiki. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa sanarwa ce cewa shi yana kan aiki.

Bayani ba ya gyara wannan, sai motsa jiki. Nakan sa ɗalibi ya rufe baki ya yi gunjin kalmar ta hanci, ba baƙi ba wasali, sautin kawai, kamar yadda kalangu ke faɗin magana. Hannunsa na bin muryar: ƙasa, sama. Sai mu jera su biyu-biyu, ina Audu da ina kwana a gefe guda, ina zuwa da ina ci a ɗaya gefen, har ya ji da kansa cewa gaisuwar 'yar gidan su "ina Audu" ce. Wanda abin ya ƙi shiga kansa, nakan ba shi hanyar ratse na ɗan lokaci, ya riƙa cewa yaya aiki, yaya gajiya. Amma ina kwana da ina wuni ba su da ratse, dole ya koye su.

Mayar da taɓarya

Ɗalibin da ya iya amsa kaɗai kamar wanda ake yi wa tambayoyi a ofishin 'yan sanda yake. An ce ina kwana, ya ce lafiya lau, ya tsaya. An ce ina gajiya, ya ce ba gajiya, ya tsaya. Bayan uku ko huɗu mai gaishe shi zai gaji ya ce to madalla, ya tafi yana jin kamar ya yi daka shi kaɗai.

Abin da nake koya masa shi ne ya manna tasa tambayar a wutsiyar amsarsa, cikin numfashi ɗaya. Ga yadda muke yi da shi, ni ne maƙwabci, shi ne baƙo:

"Ina kwana?"
"Lafiya lau, an tashi lafiya?"
"Lafiya lau. Ina gajiya?"
"Ba gajiya, yaya iyali?"
"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya baƙunta?"
"Alhamdu lillahi."
"To, madalla."

Abubuwa uku nake nuna masa a cikin wannan 'yar musayar. Na farko, "an tashi" ya ce, bai ce "ka tashi" ba. Wannan "an" ɗin, ko "kun", ita ce rigar girmamawa, kuma baƙo ba ya asara in ya saka wa kowa ita har sai ya san wa ya girme shi, wa ya zama abokin wasa. Na biyu, iyali ya tambaya. Namiji ba ya ce wa namiji yaya matarka, sai in akwai sabo mai ƙarfi ko an san ba ta da lafiya. Kalmar iyali ko gida ta ɗauke kowa da kowa ba tare da an ɗaga labule ba. Na uku, madalla. Ita ce alamar an sauke taɓare. Ɗalibi da yawa ba su san inda gaisuwa ke ƙarewa ba, sai su ci gaba da zazzage duk abin da suka haddace, har su tambayi gwauro yaya yara. In ya ji "to, madalla", ya san ƙofa ta buɗe, yanzu ne zai ce, "Dama na zo ne a kan maganar wutar lantarki."

Tsawon gaisuwa kuma yana da ma'auni. Wanda kuka haɗu da safe, kuka sake haɗuwa da hantsi, sannu ta ishe ku, ya ce yawwa sannu. Wanda kuka kwana biyu ba ku haɗu ba, sai an bi gida ɗaki-ɗaki. Yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa, gaskiya ne, amma wanda ya tsayar da mai ɗauke da buhu a ka yana tambayarsa labari bai kyauta masa ba.

Wa ke farawa? Yaro ke gaida babba, mai tafiya ya gaida na zaune, mai shigowa ya yi sallama. Ina kwana, musamman, daga ƙasa take hawa sama, shi ya sa uba ba ya riga ɗansa faɗinta. Jiki ma yana da nasa rabo. Nakan sa ɗalibi ya cire takalmi a bakin tabarma, ya rage tsawo a gaban dattijo, ya bar babba ya fara miƙo hannu, in sun gaisa ya kai hannun ƙirji. Namiji kada ya miƙa wa mace hannu. Turawa kuma an koya musu kallon tsakiyar ido alamar gaskiya ce, sai an gaya musu cewa a gaban babba sunkuyar da kai ne ladabi. Wasunsu rusunawa na yi musu nauyi, sai in tuna musu cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ina gaskiya take shiga?

Bayan mako biyu Bajamushen ya kawo mini ƙorafin da kusan kowane ɗalibi mai tunani yake kawowa. Ya ce, "Malam, kana koya mini ƙarya. In na gaji, don me zan ce ba gajiya?"

Na ce masa ya lura da abin da ke biyo bayan madalla. Bahaushe ba ya ɓoye damuwarsa, wuri ya ware mata. Za ka gaisa da mutum ya ce maka gida lafiya lau, yara lafiya lau, ku kai ƙarshe, ku zauna. Sai ya gyara murya ya ce, "Sai dai ƙaramin ne ya kwana da zazzaɓi." Wannan "sai dai" ita ce ƙofar labari. Abin da ya gabace ta godiya ce ga Allah a kan cewa an wayi gari, da kuma tabbatar wa juna cewa zumunci na nan. Ba wanda ya ɗauke shi a matsayin rahoton likita, saboda haka ba wanda aka yaudara.

Har a gadon asibiti haka ne. Ka ce wa majinyaci yaya jiki, zai ce da sauƙi, ko da da ƙyar maganar ke fita. Kai kuma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Mai kunne yana gane nauyin ciwon daga yadda aka ja "da sauƙi" ɗin, da ɗan shirun da ya gabace ta. Wannan sai zama da mutane ke koyar da shi, aji ba ya iyawa.

Akwai kuma inda kalmar lafiya ke zama tambaya ta gaske, kuma wajibi ne ɗalibi ya rarrabe. In ka buga wa mutum ƙofa da tsakar dare ya leƙo ya ce, "Lafiya?", ko aboki ya dubi fuskarka bayan kun gama gaisawa ya ce, "Lafiya kuwa?", to wannan ba lugude ba ne, amsa yake jira. Alamarta ita ce takan zo ita kaɗai, a wajen jerin, kuma mai tambayar yakan tsaya ya zuba maka ido. A nan ne ɗalibina zai iya kawo zancen jirgi da sauro, a saurare shi da kyau.

Iyakar abin da nake koyarwa a watan farko ke nan, sai sallamar rabuwa, wadda ita ma biyu-biyu take tafiya: sai an jima, mu jima da yawa, sai gobe, Allah ya kai mu, a gaida gida, za su ji. Gaisuwar ta'aziyya da ta fada ba na sakin ɗalibi ya je shi kaɗai. A gidan rasuwa nakan ce ya zauna kusa da ni, ya ce yaya haƙuri, ya ce Allah ya jiƙan rai, ya shafa addu'a tare da jama'a, ya yi shiru. Kuskuren da ake dariyarsa a shagon tela ba a dariyarsa a zaman makoki.

Jarrabawa

Ba na gwada ɗalibi a kan takarda. Nakan ɗauke shi mu taka daga gida zuwa bakin titi da safe, ina janye da shi da hira a kan wani abu daban. In mai shayi ya jefo masa ina gajiya daga tsallaken hanya, ya amsa ba tare da ya rage tafiya ba, ya mayar da tasa, sannan ya dawo kan hirarmu daidai inda ya tsaya, to ya ci. In ya tsaya cak ya ɗaga ido sama yana lalube, da sauran aiki.

Bajamushen nawa bai jira na shirya masa tawa jarrabawar ba. A wata na uku zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana huɗu. Ranar da ya fara fitowa, ya rame, leɓɓansa sun bushe, muka tarar da tsohon a zaure kamar kullum. Ya zame takalmi ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba?"
"Lafiya lau. Yaya jiki?"
"Da sauƙi, Baba. An tashi lafiya?"
"Lafiya lau. Ina gajiya?"
"Ba gajiya. Yaya sanyi?"
"Lokacinsa ne. To, madalla, madalla."

Ya gyara zama a gefen tabarma. Sai da tsoho ya ja carbi biyu ko uku, sannan ɗalibin ya ce, "Sai dai, Baba, ragar tagar ɗakin nan ta yage."

Tsohon ya ƙwala wa jikansa kira ya ce a nemo kafinta yau yau ɗin nan. Sannan ya juyo gare ni, yana nuna mutumin da ya shekara biyu yana haddace nahawu, ya ce, "Malam, ka ga baƙon naka ya fara jin Hausa."